Sarki Tunau da Tandun Gurmaza

A shekara ta ashirin da ɗaya ta sarautar Tunau ɗan Bagudu a Birnin Zagwara, zamanin da mutanen ƙasar ke yi wa tsohuwar tsamiya yanka kafin su fita yaƙi, jakadan Sarkin Gurmaza ya iso ƙofar gari da hantsi, ba mashi ba kwari. Shekara ashirin ke nan garuruwan biyu suna kashe juna a kan fadamar kogin Tsirya, don haka da labari ya shiga fada cewa maƙiyi ya aiko da gaisuwa, kowane basarake ya bar abin da yake yi ya naɗa rawani.

Jakadan ya faɗi ya zuba ƙasa a ka, ya ce, "Zaki, ubangijina ya gaji da yaƙi. Ya bar maka fadama, ya bar maka mashigin kogi. Kuma ga shaidar mubaya'arsa." Ya fito da ɗan ƙaramin tandun fata da aka toshe bakinsa da kakin zuma. "Ruwan wani marmaro ne a bayan duwatsun ƙasarmu, wanda ya ƙafe tun zamanin kakanni. Wannan kaɗai ya rage. Duk mai ran da ya sha shi, mutuwa ba ta da hanya a kansa."

Galadima Cindo ne ya fara magana. Dattijo ne mai shekara sittin da 'yan kai, shi ya ɗora Tunau a kan doki tun ƙafarsa ba ta kai likkafa ba, kuma a duk fadar shi kaɗai ke iya ce wa sarki a'a ya kwana lafiya.

"Jakada," in ji shi, "in ruwan nan haka yake, me ya hana ubangijinka ya sha abinsa?"

"Galadima, ubangijina ya san matsayinsa. Abin manya sai manya."

Magana ce ta banza, ko ɗan koyon fadanci ya san daɗin baki ne. Amma sai ga fuskar sarki ta washe. Ya ce a gwada. Aka jawo rago, aka ɗiga masa ɗigo biyu a harshe, Sarkin Fawa ya kayar da shi ya yanka kamar yadda ya saba yanka dubbai. Jini ya zuba har ya ƙare. Ragon bai mutu ba. Yana kwance yana shure-shure, idanunsa na juyawa, iska na fita ta maƙogwaron da aka yanke. Fadawa suka ɗauki guɗa da kirari. Galadima ya dubi ragon, ya dubi mutanen da ke murna, ya ji kamar ya tsinka wa kowannensu mari.

Aka ba jakada masauki, aka sa ranar shawara bayan kwana uku.

Ranar da majalisa ta zauna, Kaura Anaruwa, shugaban mayaƙa, shi ya buɗe magana, yana murza gashin baki. "Allah ya ba ka nasara, ni ban ga abin shawara a nan ba. Kowa ya san dokar Zagwara: rundunarmu ba ta ƙetare ƙofa sai sarki na gaba a kan doki da mashin sarauta a hannunsa, kuma ba a karɓar mashin nan a ba wani sai an rufe mai shi da ƙasa. Sau uku a tarihinmu sarki na faɗuwa a fagen fama, runduna ta watse, mu dawo muna rigimar gado maƙiyi na cin ƙauyukanmu. To ga sarkin da ba zai faɗi ba. Wa zai tsaya mana?"

Sarki ya juya wurin Magajiya Gwamma, ƙanwar mahaifinsa, wadda ke riƙe da labaran gidan sarauta. "Gwaggo, ke ce ma'ajiyar maganar mutanen da. Me suka ce game da irin wannan ruwa?"

Tsohuwar ta gyara zama. "Ɗana, sun ce da yawa, kuma ban taɓa jin ɗaya da ya ƙare da daɗi ba. Akwai labarin maharbin da ya ceci ɗan aljani daga tarko, aka ce ya roƙi abin da yake so. Ya ce kada ya mutu. Ya manta bai ce kada ya tsufa ba. Duk masu roƙon nan a nan suke tuntuɓe, domin mai ƙarfi in yana tunanin dawwama, kansa yake gani yadda yake yau. Maharbi ya kai ɗari, haƙora suka zube. Ya kai ɗari da hamsin, ido ya tafi, ƙafa ta tafi. Jikoki suka yi jinyarsa har suka mutu, 'ya'yansu suka karɓa suna tsaki, na bayansu ba su ma san ko shi wane ne ba. Ƙarshe suka saka shi a tsohon rumbu don kada kaji su tsattsage shi, suna zuba masa kunu in sun tuna."

"Wannan wauta ce ta maharbi," in ji Kaura. "Bai iya roƙo ba."

"To ga wadda ta iya. Wata sarauniya ce, ta roƙi duka biyun, rai da ƙuruciya, aka ba ta. Ta binne mijinta, ta sake aure, ta binne wancan. Ta binne 'ya'ya goma sha tara. Daga nan ta daina tambayar sunan jarirai, domin ta san ita za ta kai su kushewa. Garin ya canza mata, har maganar mutane ta sauya, in ta yi zance yara su yi ta dariya wai tana magana irin ta tatsuniya. Ba wanda ya rage da zai ce mata, kin tuna ranar kaza? Kanta ma ya cika, sabo yana ture tsoho, har ta wayi gari ta kasa tuna fuskar uwarta. Aka ce ranar ce ta fita daga gari da ƙafa, kuma har yau tana tafiya."

Sarki ya yi murmushi. Tunau ba wawa ba ne, abin da ya fi ba da haushi ke nan. Da wawa ne da an yi masa uzuri. Ya ce, "Gwaggo, su wa suka tsara labaran nan? Mutanen da za su mutu ne, ko sun so ko sun ƙi. Abin da ba za su samu ba suka ɓata, don zuciyarsu ta yi sanyi. In da a cikinsu akwai wanda aka miƙa wa tandun nan, da gudu zai shanye."

Galadima ya miƙe. "Zaki, akwai gaskiya a maganarka, ba zan musa ba. Mai mutuwa yana neman abin lallashin kansa. Amma ka duba su wane ne masu ba da labarin. Tsofaffin mata ne da suka yi shekaru suna juya majinyaci a kan tabarma, suna wanke masa jiki, suka ga ranar da shi da kansa ya ce ya gaji. Mayaƙa ne da suka ga abokinsu da mashi a ciki yana roƙon a ƙarasa shi. Ba su san dawwama ba, amma sun san ciwo, sun kuma san abu ɗaya da ke kawo ƙarshen ciwon da ya gagari magani. Suka zauna suka ce, to in aka cire wannan abu ɗaya fa? Lissafin da suka yi ke nan, kuma ban ga kuskure a cikinsa ba."

"Galadima ya tsufa," wani ya faɗa daga baya, ƙasa-ƙasa.

"Na tsufa, shi ya sa na sani. Ku sake duba wani abu. A duk labaran nan, wa ke bayar da kyautar? In ba aljanin da aka ɓata wa rai ba, to bokan da aka ci amanarsa, ko iskar da mutum ya yi wa girman kai ya nemi abin da ba a yanka wa ɗan Adam ba. Mai kisan kai a labari, in laifinsa ƙarami ne sai a kashe shi. In ya yi girma sai a ce ya yi ta yawo, ƙasa ba za ta karɓe shi ba, ba zai je inda iyayensa suka je ba. Mutanen da sun ɗauki hana mutum hutawa a matsayin hukuncin da ya fi kisa. Yau ga mutumin da muka kashe wa 'ya'ya biyu a bakin kogi ya aiko mana da shi, mu kuma muna guɗa."

Ya juya ya fuskanci Kaura. "Kai kuma da kake kawo dokar mashi, juya ta ka gani. Jakada ya ce mutuwa ba ta da hanya. Bai ce kibiya ba ta da hanya ba. Ni na je bayan mahauta yau da safe. Ragon nan yana nan. Kwana uku, wuya a yanke, ƙudaje sun rufe shi, ba ya ci, ba ya sha, ba ya mutuwa. Sarkin Fawa ya ce matansa sun ƙi shiga wajen saboda ƙarar numfashinsa. Ku tashi mu je ku gani, ba nisa."

Ba wanda ya tashi. Taku ɗari biyu ne daga zauren zuwa bayan mahauta, amma manyan Zagwara ashirin da huɗu suka zauna kamar an dasa su, kowa na kallon rawanin na kusa da shi. Wannan ne abin da Galadima bai taɓa yafe musu ba.

Sarki ya ce, "Rago yanka shi aka yi yana ɗaure. Ni wa zai ɗaure ni?" Sannan ya sassauta murya. "Baba Galadima, kai ka san gidanmu. Mahaifina bai kai arba'in ba, kakana haka. Ni yau talatin da takwas. Kullum na ji ciwon kai sai in ce ga ta nan. Ganuwar arewa ban gama ba, ɗana bai isa riƙe mashi ba. Shekara ashirin kawai nake so."

"Ba shekara ashirin ke cikin tandun ba, Zaki. Da ita ce, da ni da kaina zan ɗura maka. Ɗan naka ma da kake faɗa, zai yi furfura yana jiran gadon da ba zai zo ba, ɗansa haka. Gida ba ya zama lafiya in na sama ba ya matsawa."

Makama ya ce maganar Galadima ta yi kama da ta mai ƙosawa sarki ya mutu. Shamaki ya ce shi ma ya lura. Haka fada take, in hujja ta ƙare sai a koma kan mai hujjar. Galadima ya koma ya zauna.

Sarki ya ɓalle kakin da babban yatsa, ya ɗaga kai ya shanye. Ya ce ɗanɗanonsa kamar ruwan randa ne. Aka buga tambari, aka sallami jakada da riguna da ingarma, ya fita yana sauri kamar wanda ya bar tuwo a wuta.

Ba a yi wata guda ba ɗan leƙen asiri ya shigo a sukwane, ya ce rundunar Gurmaza ta ƙetare kogi ta tsaya a fadamar da aka ce an bari. Sarki ya yi dariya har da buga cinya. Da aka kawo masa sulke da kwalkwali ya ce a mayar, nauyin banza ne. Galadima ya riƙe linzamin dokinsa a bakin ƙofa, gaban mayaƙa duka.

"Zaki, na rasa muhawarar farko, kada ka sa in rasa wannan. Sa sulken nan. Yanzu ka fi kowa a rundunar nan bukatarsa. Su in rauni ya yi tsanani za su huta, kai ba za ka huta ba."

"Sakar mini doki, Baba. Mutane na kallo."

Galadima ya saki linzamin.

Aka haɗu da rana tsaka a gefen fadama. Sarki Tunau ya shiga gaba da farar riga, mashin sarauta a sama, kuma gaskiya ranar ya yi abin da ba a taɓa gani ba. Kibiya ta same shi a kafaɗa ya fizge ya jefar, mayaƙansa suka ga haka suka haukace, suka afka wa Gurmazawa kamar ambaliya. Amma Galadima, da ke baya tare da masu tsaron tuta, ya lura da wani abu. Maharban maƙiyi ba sa harbin kowa sai mutum ɗaya. Barade shida masu gatari kuma sun ƙi taɓa kowa, suna ta kewaye suna neman bayansa.

Suka sare ƙafar dokin. Doki ya kife a kan sarki, nauyinsa duka a kan gadon baya, sannan ɗaya daga cikinsu ya soka masa mashi a ciki ya karya sandar. Suna gama wannan aka busa ƙaho, rundunar Gurmaza ta juya ta ƙetare kogi cikin tsari, ba ko gaggawa. Kaura ya bi su har bakin ruwa yana ihun nasara.

Aka kawo sarki gida a kan garkuwa. Maɗori ya taɓa bayan ya ce ƙashin ya rabu biyu, daga ƙugu zuwa ƙasa ba abin da zai sake motsi. Wanzamai suka ciro bakin mashin, suka ce a saninsu mai irin wannan rauni ba ya kai la'asar. Ya kai la'asar. Ya kai mako. Raunin bai warke ba, domin ruwan ba magani ba ne, ya kuma ƙi kashe shi. Duk abin da ya ci sai ya fito ta ramin. Zazzaɓi ya hau ya zauna. A mako na biyu ya daina yi wa mutane tsawa, a na uku ya fara roƙonsu.

Kwana arba'in cif, Gurmazawa suka dawo. A wannan karon ba su nemi faɗa ba. Suka kafa sansani tsakanin birni da kogi, suka girbe gero suna kallon ganuwa. Cikin birni akwai mahaya dubu biyu da dawaki ƙosassu, sun fi maƙiyi yawa, amma ba mai fita. An gwada ɗaure sarki a kan sirdi, ya sume kafin a kai ƙofar fada. Galadima ya roƙi majalisa a ba Kaura mashin na kwana ɗaya tak. Kaura da kansa ya ƙi, ya ce ya yi rantsuwa a gindin tsamiya, kuma ko ya karɓa ba mayaƙin da zai bi mashin da mai shi ke numfashi a sarari. Mutanen da suka karya kowace shawara ta hankali, yau su ne masu tsoron karya doka. Rijiyoyin gari suka fara ja da baya, mata na yin kwana uku a layin guga.

Da hantsin rana ta goma sha biyu da kafa sansanin, sarki ya aika a kira Galadima shi kaɗai. Ɗakin yana warin da turare ya kasa rufewa. Tunau ya rame har mashin da ke gefensa ya fi damtsensa kauri.

"Baba, faɗi abin da ke bakinka. Ka ce ka gaya mini."

"Me zai ƙara mini, Zaki? Da faɗar za ta mayar da ruwan cikin tandu, da na faɗa sau dubu."

Sarki ya ja numfashi. "Na sa Gwaggo ta maimaita mini dokar, kalma bayan kalma. Kaura ma ya ji, ya ce in an yi haka zai bi. Ana karɓar mashi in an rufe mai shi da ƙasa. To ku rufe ni. Tunda ɗana bai isa ba, ku naɗa ƙanena, ku fita ku kori mutanen nan kafin yara su fara mutuwa da ƙishirwa."

Galadima ya zauna a ƙasa. "Ka san abin da kake faɗa? Ba barci za ka yi a can ba. Za ka ji nauyin ƙasar, za ka ji ciwon nan, za ka nemi iska ka rasa. Ba na kwana ɗaya ba, ba na shekara ba."

"Na sani. Kwana hamsin ina kwance ba abin da nake yi sai sani. In birni ya faɗi, Sarkin Gurmaza zai sa ni a keji a ƙofar fadarsa, jikokinsa su gada. Gara ƙasar gidanmu."

Galadima ya yi kuka, kukan tsoho mara sauti, na baƙin ciki da haushi a haɗe. Yaron da ya goya, wanda ya fi kowa kaifin kai a gidan Bagudu, sai yau hankalinsa ya dawo, ranar da ba shi da sauran amfani gare shi.

A ƙarshe ya share fuska ya ce, "Ba za a zuba maka ƙasa a jiki ba. Zan sa a haƙa ɗaki a ƙarƙashin soron kakanka, a yi masa rufi da azara, a bi da ƙasa a sama yadda doka ta ce. Zan sa a bar kafar gora ɗaya daga sama har inda kanka yake. In majalisa ta yi gardama a kan wannan, wallahi da sandar nan zan bi su."

A waje an fara jin ƙarar magina suna sauke kaya, ashe sarki ya riga ya aika musu. Tambarin naɗin sarauta ma an fito da shi rana don fatar ta ɗaure.

Tunau ya lalubo hannun dattijon ya riƙe. Muryarsa ta koma irin ta lokacin da yake ƙarami.

"Baba, za ka riƙa zuwa bakin gorar kana yi mini magana?"

"Kullum. Safe da yamma, muddin ina da rai."

Sarki ya dubi furfurarsa, ya dubi tsohon hannun da ke cikin nasa, ya daɗe yana dubawa.

"Bayan nan fa?"

Galadima Cindo ya sunkuyar da kai. Shugaban magina ya yi sallama a bakin ƙofa, yana tambaya a nuna masa inda za a fara haƙa.